Ga Mu a Hanyar Arewa

Tun ranar da Kamila ta shigo gida tana rera waƙar nan na gaya wa uwarta cewa za a yi abin kunya a bainar jama'a. An kuwa yi. Abin da ban sani ba shi ne ta inda zai ɓullo, don duk wata kafa da na zauna na toshe, ba ta nan ya bi ba.

Sunana Awwalu, albasa nake sayarwa a kasuwar Ose Okwodu, muna haya a Fegge, nan Anacha. Kamila ce 'yata ta fari, shekararta tara. A nan aka haife ta, Ibo da Turancin kasuwa sun fi Hausa zama a bakinta. Bara da muka je gida hutun Sallah ta ce wa kakarta, wato mahaifiyata, "Kaka, abeg ki ba ni ruwa," 'yan uwanta suka kwashe da dariya, suka laƙaba mata 'Yar Abeg. Daga nan yarinya ta rufe baki. In na yi mata Hausa sai ta gyaɗa kai kawai.

Malama Haulatu ce ta buɗe bakin. Ita ce malamar aji huɗu a makarantar da 'yan kasuwarmu suka gina wa yara, ta tara wajen su talatin suna koyon waƙa bayan an tashi. Cikin wata biyu Kamila ta dawo tana Hausa har da gyara wa ƙanenta magana. Da bikin ƙarshen shekara ya matso, Malama ta zaɓe ta ta ja baiti, sauran su yi amshi.

Matsalar ita ce waƙar da Malama ta ɗauko. Ta soyayya ce, ta wani Hashim Bubayero, tela a Enugu, wadda babu bikin aure a unguwannin Hausawan Kudu da ba a saka ta. Amshinta kuwa:

Zo kusa, hasken idona,
Dare da rana kike a raina.

Labari ya kai kunnen Alhaji Zailani, shugaban kwamitin makaranta, dattijon da ya riga kowa zuwa Anacha da fataucin shanu. Da ma can ba ya son wannan rerawa. Ya tsayar da ni a ƙofar masallaci bayan La'asar, muka gaisa har ƙasa, sannan ya ce, "Awwalu, 'yarka ce a gaba, ko? Ka gaya wa malamarsu, in kalmar soyayya ɗaya ta fito daga bakin yaro a taron nan, an gama waƙa a makarantar."

Washegari na bar rumfa na hau okada, wato acaba, zuwa makaranta.

"Malama, waƙoƙi sun ƙare ne a duniya?"

Ta yi dariya. "Baban Kamila, zauna tukuna. Yaran nan rabinsu ba su iya ƙirga zuwa ashirin da Hausa ba, amma babu wanda bai haddace karin wannan waƙar ba. Karin nake so. Kalmomin zubar da su za mu yi."

"To ai da sauƙi," na ce. "Duk inda ya ce masoyiya a sa mahaifiya."

"Bismilla, gwada baiti na biyu."

Na gwada a zuci. A baiti na biyu mutumin yana yabon tafiyarta da ƙamshin turarenta, yana cewa zai kai kuɗin gaisuwa gidansu. Na ce mata ba zai yiwu ba.

Ta ce karin waƙar na kewa ne, na mutumin da wani nasa ya yi nisa. In aka ɗora masa kalmomin wanke hannu ko gaida malamai, zai zama kamar an sa wa jaki sirdin doki, yara ma za su ji bai zauna ba. Don haka ta tambaye su wa suke kewa. Kusan dukkansu suka ce Kaka. Ga shi kuwa kowannensu ya san doguwar motar nan ta tafiya gida, da gadar Lakwaja, da tsayawa cin abinci a hanya. A kan wannan za a gina sabuwar waƙar.

Ni na ce a fara neman izinin mai ita, kada mu gama wahala ya ce an yi masa sata. Wani surukina mahauci a Enugu ya samo mini lambarsa. Hashim ya ɗauka, ana jin keken ɗinki na gudu a bayansa.

"Yara za su rera waƙata? Alhaji, ka faranta mini."

"Ban je Makka ba tukuna. Kalmomin za mu canza."

"Ku canza. Matar da na yi wa ita ma ta auri wani mai sayar da taya. Abu biyu kawai: a faɗi sunana, kuma kada a cire busar sarewar nan ta farko. Ƙanena ne ya busa ta, ya rasu."

Na ce Allah ya jiƙansa, na amince. Na fi son a cire sarewar, don da ita kowa ke gane waƙar tun kafin a buɗe baki. Amma yaya zan ce wa mutum a cire ƙanensa?

Daga nan na zama ɗan aji. Duk ranar gwaji ina zaune a benci na baya, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata.

Abu na farko da Malama ta yi, ta kunna waƙar a waya ta ce yara su bi. Muryar Hashim kauri gare ta, daga ƙasa yake farawa. Yaran da suka bi shi can ƙasa sai gurnani kamar masu mura. Waɗanda suka ɗauka a sama kuwa, da aka zo inda yake hawa, sai ƙara, jijiyar wuya a waje. Ta kashe. Ta jawo ɗan ƙaramin fiyanonta mai batir, ta riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya, tana danna maɓalli suna bi, tana sauka har murya ta dushe, tana hawa har ta fara tsagewa. Da ta gama ta manna tef a maɓalli biyu.

"Tsakanin nan da nan ne gidan yaran," ta ce mini. "Waƙar Hashim ta fi gidan faɗi. Ƙasanta ya yi zurfi, samanta ya yi tsawo."

Sai ta ɗaga waƙar gaba ɗaya sama, har farkonta ya shigo cikin tef na ƙasa. Da aka yi haka, layi ɗaya a tsakiyar baiti ya tsallake tef na sama. Wannan layin ta sake masa hanya, a inda Hashim ke haurawa ta sa yara su gangaro, su sauka a inda shi ma yake sauka. In ba ka san tsohuwar sosai ba ba za ka lura ba.

Sai numfashi. Hashim yana jan layi biyu da shaƙa ɗaya. Yaro ba shi da wannan ƙirjin, yana kaiwa tsakiya zai tsaya ya ja iska a tsakiyar kalma, kuma kowa a wurinsa daban. Ta yanka dogayen layukan, ta sa wurin shaƙa a inda magana ta tsaya. Ta kuma ƙara wa kiɗan sauri kaɗan, ta ce in yara suna jan waƙa a hankali muryarsu zamewa ƙasa take yi ba su sani ba.

Inda muka yi gardama shi ne ƙarshen amshi. A can Hashim yana riƙe "raina" ya ja ta, ya lanƙwasa, ya murɗa, kamar ba zai saki ba. Nan ne mata ke rufe ido a gidan biki. Malama ta datse shi. Ta ce yara su faɗi kalmar ƙarshe gajeriya, su yi tafi biyu, Kamila ta shigo da baiti.

"Malama, ai nan ne daɗin yake," na ce.

"Ka ji mai tsoron waƙar soyayya." Yara suka yi dariya. "Baban Kamila, rabin murɗawar nan na'ura ce ta yi masa. Ko ba haka ba, maƙogwaro talatin ba sa lanƙwasa tare. Kowa zai bi tasa hanya, ka ji kamar an taka wutsiyar kyanwa."

Kalmomi suka fi cin lokaci. Ba a zuba su haka kawai. Malama takan tafa karin da hannu, inda aka ja da inda aka tsinke, sai a nemo kalmar da nata ja da tsinkewar suka yi daidai. In ka sa gajeriyar gaɓa a inda kari ke ja, kalmar miƙewa take yi har Bahaushe ya kasa gane ta. Na kawo layuka da yawa daga kasuwa, duk ta tafa su ta ce ba su shiga ba. Ɗaya ne kawai ya shiga: "Zo kusa, Kaka, mu gaisa." Na koma rumfa ranar ina jin kaina.

A gwaji na gaba aka rera shi. Yara suka ce "Zo kusa," sai rabin aji suka zarce "hasken idona." Aka sake, haka. Aka sake, har da Kamila.

Na miƙe daga benci. Malama kuwa ko a jikinta.

"Gara da ya faru a nan," ta ce. "Harshe ya saba hanya. In ka ɗora shi a bakin tsohuwar hanya, gida zai kai ka. Kada sabon layi ya fara da abin da tsohon ya fara da shi, kada kuma ya ƙare da irin sautinsa."

Haka layina ya tafi. Duk inda tsohuwar waƙa ke ƙarewa da "na", sabuwa ta koma ƙarewa da "wa". Wata yarinya ce ma ta kawo rabin amshin, Malama ta ƙarasa:

Ga mu a hanyar Arewa,
Gidanki, Kaka, muke tahowa.

Kiɗan kuma Jabir ne ya yi, ƙanen matata Ramlatu, mai ɗan ɗakin haɗa kiɗa a Mile 2 Diobu, can Fatakwal. Da farko ya yi mana wayo, ya cire muryar Hashim da na'ura ya tura kiɗan sama. Da ya turo a waya muka ji ganga ta koma kamar ana buga gwangwanin madara, ga kuma inuwar muryar Hashim can ƙasa tana cewa "idona".

Na kira shi. "Jabir, fatalwar mutumin tana ciki."

"Yaya, ba wanda zai ji."

"Alhaji Zailani zai ji."

Ya sake bugawa daga farko da fiyanonsa, a sabon hawa da sabon sauri, ya bar gurbin tafi biyu. Sarewar ce kaɗai ya ɗauko daga tsohuwar, tunda ita kaɗai ke busawa a farko, ya ɗaga ta a hankali har ta dace da sauran.

Ni kuma a gida na kafa doka. Na goge tsohuwar waƙar daga wayata da ta Ramlatu. Na roƙi mai shagon aski na ƙasan benenmu ya daina saka ta, ya dube ni da mamaki ya ce da Turancin kasuwa, "Malam, na wa o," amma ya daina. Kullum da safe kafin Kamila ta tafi sai ta rera mini amshi.

"Baba, na iya fa."

"Sake dai."

Wata safiya tana rerawa na ji Ramlatu daga kicin tana bin ta da ƙaramar murya.

"Maman Kamila, wacce kike yi?"

"Taku mana. Ka san da can ba na iya bin ta, ta yi mini ƙasa. Yanzu da Malama ta ɗaga ta, daidai wuyana."

Na ce madalla, na ɗauki hulata na fita. Ban sake tunanin maganar ba.

Ranar biki aka kafa rumfuna a filin makaranta. Maza a gaba, Alhaji Zailani a tsakiya da sandarsa, mata a baya sun cika rumfa biyu, an sha ado kamar ɗaurin aure. Aka yi karatu, aka raba kyaututtuka. Sai yara suka jeru cikin fararen kaya, Kamila a gaba, abin magana a hannunta. Malama ta faɗi sunan Hashim Bubayero kamar yadda aka yi alkawari, ta ɗaga wa mai na'ura hannu.

Sarewa ta tashi.

Ban juya ba, amma na ji rumfar mata ta motsa. Wata ta ce "Ayyiriri" a hankali, aka yi dariya. Ni idona na kan bakin yara.

Kamila ta ja baitin farko, mai maganar tashi da asuba da ɗaura kaya a kan mota. Muryarta ta fito tas. Aka zo amshi, yara talatin suka ce "Ga mu a hanyar Arewa," ko ɗaya bai kauce ba. Amma daga bayana wata waƙar ce ta taso, ta fi tasu ƙarfi. Mata ne. A gidan biki ba a gayyatar mace amshi, in ta san shi ɗauka take yi, su kuma wannan amshin sun yi shekaru suna yinsa. Ga shi an ɗaga musu shi daidai wuya.

"Zo kusa, hasken idona, dare da rana kike a raina."

Na ji kamar in nutse cikin kujera. Alhaji Zailani ya ɗago kai, ya dafa sanda.

Yara suka kai ƙarshen amshi, suka datse, suka yi tafi biyu. Matan ba su san an datse ba. Suka riƙe "raina" suna ja, suna lanƙwasa, ido a rufe, babu kiɗa a ƙarƙashinsu, babu yara. Da suka ji su kaɗai ne sai suka riƙa sakewa ɗaya bayan ɗaya, har saura murya ɗaya, mai zaƙi kuwa, ta kai murɗawar har ƙarshe. Duk filin ya juya. Hajiya Mansura ce, matar Alhaji Zailani. A gefenta Ramlatu ta rufe baki da mayafi.

Kamila fa? Ita an koya mata abu ɗaya: bayan tafi biyu, shiga. Ta shiga. Hajiya na can sama tana murɗawa, 'yata ta ja baitin gadar Lakwaja da masu sayar da soyayyen kifi, ba ta kalli kowa ba sai hannun Malama. Dariya ta ɓarke a rumfar mata, ta tsallako ta maza, amma yarinyar ba ta tsaya ba.

A amshi na biyu matan suka yi tsit, suna saurare. A na uku, bayan baitin da Kaka ke fitowa ƙofar gida ba takalmi, sai na ji sun shigo, da sababbin kalmomi wannan karon, har da tafi biyun. Wani dattijo mai sayar da barkono kusa da ni ya ciro hankici yana goge ido, ya ce mini hayaƙin janareta ne.

Da aka tashi na je na durƙusa gaban Alhaji Zailani.

"Alhaji, a yi haƙuri."

"Da me?"

"Abin da ya faru."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Me na ce maka a ƙofar masallaci?"

"Ka ce in ta fito daga bakin yaro."

"To daga bakin yaro ta fito?"

"A'a, Alhaji."

Hajiya Mansura ta iso tana gyara mayafi, ko kunya babu. "Alhaji, kada ka dube ni. Wa ya ce su sa sarewar? Kuma kai ne kake ƙara murya in an sako ta a mota."

"Hajiya, mu tafi gida," ya ce. Ya juyo gare ni. "Kwamiti zai zauna bayan hutu. Akwai masu cewa abin da ya tayar da manya haka bai kamata a ba yara ba. Za a duba."

Ya juya ya nufi mota. Ina biye da shi don in buɗe masa ƙofa, sai na ji yana bin karin a hanci, a hankali, sandarsa na taɓa ƙasa daidai da kiɗan.

Da yamma muka kira gida. Kamila ta karɓi waya ta rera wa kakarta waƙar tun daga farko, ƙanenta na yi mata tafi biyun. Tsohuwa ta sa aka maimaita, sannan ta tambaya wane irin kifi ne a Lakwaja, suka yi ta hira da Hausa har katina ya ƙare. Na tura wa Hashim hoton bidiyon da Jabir ya roƙa a ɗauka, ya turo saƙon murya yana dariya, ya ce a gaya wa Hajiya in tana son aiki yana neman mai amshi.

Ramlatu kuwa har yau ta ce ita ba ta yi ba, baki kawai ta motsa.

Hutu ya rage mako biyu. Kamila ta riga ta fara tambayar wace waƙa Malama za ta ɗauko a zango mai zuwa, ni kuma ina ce mata ta bari a koma tukuna. Kwamiti bai zauna ba, ban san abin da za su yanke ba. Ban kuma san wacce Alhaji Zailani yake bi a hanci ranar ba, ta yara ko ta Hashim.